Jiran Wasan 'Yan Vittin

Shekarar da gwiwata ta hagu ta fara kumbura bayan kowane wasa, ni ce kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon mata ta unguwarmu, Kaladan. Baya nake bugawa, a tsakiya. Da safe ina shagon ɗinki, da la'asar ina fili, kuma Baba ya riga ya gaya mini wannan kakar ce ta ƙarshe. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ga ina sallah a zaune duk ranar da muka yi wasa, sai ya ce ƙafar da za ta ci abinci da keken ɗinki ba a zubar da ita a filin ƙwallo. Na ce na ji. A raina ma na san gaskiya ya faɗa.

Gasar tamu ƙarama ce, ta ƙungiyoyin mata takwas na cikin Tamale. Kowace tana haɗuwa da kowace sau ɗaya, duk a filin wata makaranta da aka ara mana, don shi ne mai katanga da raga ta kirki. Wadda ta ci wasa tana da maki uku, kunnen doki maki ɗaya, wadda aka ci ba ta da komai. Ƙungiya ɗaya tak, wadda ta ƙare a saman tebur, ita ke wakiltar gari a gasar yanki, inda masu manyan ƙungiyoyin kudu ke zuwa duba 'yan wasa. Ban taɓa zuwa ba. Ba wai ina sa ran wani zai ɗauke ni da wannan gwiwa ba ne. So nake in shiga motar zuwa gasar yankin sau ɗaya, da rigar Kaladan a jikina, kafin in ajiye takalmi.

Ƙanwata ma 'yar ƙwallo ce, kuma ta fi ni baiwa nesa ba kusa ba. Tare muka fara a Kaladan. Kocinmu, wani malamin motsa jiki a firamare, yana sa ta a gefe, ita kuwa tsakiyar gaba take so. Da maganar ta zo gabana a matsayin kyaftin, na ce ta yi haƙuri da inda aka ajiye ta. Ba ta yi ba. A lokacin ta koma gidan gwaggonmu a unguwar Vittin saboda ya fi kusa da makarantarta, kocin can ya ba ta lamba tara, ta karɓa. Da muka haɗu da su a wannan kakar, ni aka ɗora wa tsaron ta, na kuwa tsare ta tamkar bashi, ba ta ko kai hari ɗaya mai kyau ba, muka ci su uku da nema. Tun daga ranar gaisuwarmu ta zama gajera. Tana zuwa gida ta gaida Mma da Baba, ta ce mini "Yaya, ina wuni," in amsa, shi ke nan.

Ƙungiyoyi uku ne suka yi wa sauran fintinkau a kakar: mu, 'yan Vittin, da ƙungiyar da matan babbar kasuwa suke ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira 'yan Kasuwa. Kowace ta cinye duk wasanninta sai ɗaya, kuma a tsakaninmu aka yi cin. 'Yan Kasuwa sun ci mu ɗaya da nema, da wata ƙwallon kusurwa da har yau nake ganin ta wuce ta saman kaina. Mu mun ci Vittin uku da nema. Vittin kuma sun ci 'yan Kasuwa biyu da ɗaya. Haka muka iso ranar ƙarshe kowa da maki goma sha biyar.

Da yake fili ɗaya ne, wasannin ranar bi da bi aka shirya su. 'Yan Kasuwa suka fara, suka ci nasu da ƙyar. Muka shiga, muka ci namu huɗu da nema. Saura na Vittin da wata ƙungiya ta 'yan makarantar sakandare, wadda take can ƙasan tebur. Suna cikin ɗumama jiki gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta kwashe rumfar da alƙalan wasa ke zama a ciki, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kafin ya tsagaita filin ya zama tabki. Aka ɗage wasan zuwa Asabar ta gaba.

Mutanen unguwarmu da suka zo kallo tuni sun fara murna. Samari suna ta zagaye da babura cikin ruwan, suna danna ƙaho. Lissafinsu a fili yake: mu da 'yan Kasuwa maki goma sha takwas-takwas, amma mu mun fi kowa zura ƙwallaye, mun fi kowa tsare raga. A ƙwallon Ingila da suke kwana kallo, in maki ya zo ɗaya, ƙwallayen da ƙungiya ta ci ake ɗauka a cire waɗanda aka ci ta, mai rarar da ta fi yawa shi ke sama. Da wannan ma'auni babu mai kamo mu.

Koci ya tara mu a barandar wani aji, muna jiƙe, ruwa yana buga kwano har sai da ya ɗaga murya. Ya ce kada wadda ta cire riga ta yi rawa. Ya tuna mana abin da aka karanta wa kyaftin-kyaftin tun farkon kaka, wanda yawancin 'yan wasa suka ji ya shiga ta nan ya fita ta can. A gasarmu ba a fara duba rarar ƙwallaye. In ƙungiya biyu sun yi maki ɗaya, wasan da suka yi da juna ake dubawa, wadda ta ci ita ce sama. Kenan in aka tsaya a yadda ake, 'yan Kasuwa ne na ɗaya, saboda ƙwallon kusurwar nan. Huɗun da muka zura ɗazu, ko da ashirin ne, ba za su motsa mu ba.

Wata 'yar gabanmu ta tambaya, to me ya rage. Koci ya ɗauki guntun alli a bakin taga ya zana a ƙasa. Ya ce in Vittin suka ci wasansu, su ma sun kai goma sha takwas, an zama uku. In aka zama uku, sai a ware wasannin da ukun suka yi a junansu kawai, a yi musu ɗan ƙaramin tebur. A ciki kowa ya ci ɗaya an ci shi ɗaya, maki uku-uku. Sai a duba rarar ƙwallaye a waɗannan wasannin kaɗai. Mu mun ci uku an ci mu ɗaya, rarar biyu. 'Yan Kasuwa sun ci biyu an ci su biyu, ba rara ba giɓi. Vittin sun ci biyu an ci su huɗu, giɓin biyu.

"In Vittin suka ci, mu ne na ɗaya," in ji shi. "In suka yi kunnen doki ko aka ci su, 'yan Kasuwa ne. Ba abin da ya rage a ƙafarku."

Na tsaya ina kallon zanen, sai na ga abin da bai faɗa ba. Da safiyar ranar Vittin suna da rabo: da mun yi tuntuɓe, su suka ci, da su da 'yan Kasuwa za a gwada, kuma su suka ci 'yan Kasuwa. Nasararmu ce ta kashe musu wannan rabon. Yanzu ko sun ci na uku ne, ko an ci su na uku ne. Wasan ba zai ƙara musu komai ba sai dai ya ɗaga ƙungiyar da ta kunyata su. Na ɗaga kai na hango su a barandar da ke fuskantar tamu, suna ɗaure jakunkuna. Ƙanwata tana cikinsu, ba ta duba wajenmu ba.

Kafin gari ya waye sau biyu, duk Kaladan ta koyi lissafin, kuma duk ta san wace ce ke buga lamba tara a Vittin. Mma tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Mutanen da ba su taɓa sayen kokonta ba suka riƙa zuwa da kofuna. Kowa in ya karɓa sai ya ɗan tsaya, ya ce ai 'yarki ta san inda aka binne cibiyarta, ko kuwa ya ce ai magana ɗaya daga bakin uwa ta isa. Mma ba ta san komai a ƙwallo ba, ba ta ma taɓa zuwa kallo ba. Tana zuba koko tana cewa Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Da ta shigo gida sai ta zauna a kan turmi ta ce mini ita dai 'ya'ya biyu ta haifa, ba ƙungiya biyu ba, in gaya wa mutanena su bar ta ta yi sana'arta.

A shago ma ba sauƙi. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta kawo shawara. Wani mai sayar da kayan gyaran babur, babban mai goyon bayanmu, ya zo har bakin shago ya ce zai sayi takalma da lemo a kai wa 'yan Vittin a matsayin ƙarfafa gwiwa, ni zan raka kayan tunda ina da 'yar uwa a can. Na kai wa koci maganar. Ransa ya ɓaci, ya ce ko ruwan leda kada wanda ya kai musu, domin in kwamiti ya ji za a kira shi sayen wasa, a zaftare mana maki, mu rasa har na biyun. Ya kuma ce ni musamman in kama kaina, kada a ganni da kowace 'yar Vittin.

Ya ci gaba da kiran atisaye kowace la'asar, wai ko da za mu tafi yanki. Muna gudu, muna ba juna ƙwallo, ba mai dariya. Ban taɓa yin atisayen da ya fi wannan nauyi ba. Duk abin da muka iya, duk ƙarfin da ke jikinmu, ba shi da inda za a kai shi.

Tsakiyar mako sai ga jita-jita cewa Vittin ba za su ma zo ba, wai ba za su kashe kuɗin yalo-yalo, wato babur mai ƙafa uku, su kwaso 'yan wasa don wasan da ba shi da amfani ba. Wanda bai zo ba kuwa an ci shi uku da nema a kan tebur. Wannan ne ya sa koci ya ɗauke ni muka je wurin sakatariyar kwamitin gasa, wata Badagomba mai aiki a ofishin gwamnati, mace mai sanyin magana. Muka gaisa da Dagbanci, sannan ta juya Hausa saboda ni. Koci ya roƙa a soke duk wannan lissafi, a haɗa mu da 'yan Kasuwa wasa ɗaya, wadda ta ci ta tafi.

Ta saurare shi har ya gama. Ta ce akwai gasannin da suke yin haka, kuma ba laifi ba ne, amma sai an amince tun kafin a buga ƙwallon farko. Dokar da aka canza bayan an ga wanda za ta amfana, ta ce, ba wanda zai ƙara yarda da ita. Sannan ta tuna masa dalilin da ya sa aka bar rarar ƙwallaye. Shekarun baya da rarar ake aiki. Wata kakar, a ranar ƙarshe, wata ƙungiya mai rauni ta zo da 'yan wasan da da ƙyar suka cika adadin da za a fara wasa, mai tsaron ragarta ma ba ta zo ba, aka yi ta zura musu har masu kallo suka daina ƙirga. Da waɗannan ƙwallaye aka ɗauke kofi daga hannun ƙungiyar da ta ci mai kofin da kanta a wasansu na juna. An yi ta zargin an sayar da wasan, ba a iya tabbatarwa ba. A taron da ya biyo baya aka koma duba wasan juna, kuma kocinmu yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Bai musa ba.

Ni ce na tambaye ta, to me ya sa Turawa masu ƙwallon ba su bar duba rarar ba. Ta ce su ma ba bakinsu ɗaya ba: a Ingila rarar ƙwallaye ake fara dubawa, a Sifaniya wasan juna. Inda ƙungiyoyi suke kusan ƙarfi ɗaya kuma kowa yana zuwa fili a cike, rarar ƙwallaye tana auna kakar gaba ɗaya, tana sa ƙungiya ta ci gaba da kai hari ko tana kan gaba, kuma kowa yana iya karanta tebur a kowane mako ya san matsayinsa. Amma a gasa irin tamu, inda wata ƙungiya za ta zo yau a cike gobe rabinta suna jarrabawa, rarar tana nuna wanda ya yi sa'ar samun mai rauni a mummunar rana ne kawai. Wasan juna shi kuma yana amsa tambaya ɗaya, tsakanin ku biyu wa ya fi, amma yana iya rataya kaka guda a kan ƙwallo ɗaya, kuma in aka zama uku sai makomar mutum ta koma hannun wani. Ta ce da ƙaramin teburin ma ya kasa raba mu, da sai a duba yawan ƙwallayen da kowa ya ci a cikinsa, sannan a dawo kan rarar kaka duka, sannan yawan ƙwallaye, sannan wanda ya fi ƙarancin katin gargaɗi da jan kati, in duk an yi daidai a jefa ƙuri'a.

Abu ɗaya ta amsa cewa kuskure ne: bai kamata a buga wasannin ƙarshe a lokuta daban ba. Da an buga su lokaci guda a filaye daban, da Vittin sun shiga nasu da rabonsu a raye. Ta ce za ta kira kocin Vittin ta tuna masa akwai tara ga wanda ya ƙi zuwa. Iyakar abin da za ta iya ke nan.

Ana gobe wasa Mma ta ba ni zanen da gwaggo ta kawo a ɗinka mata, ta ce in kai mata Vittin. Na ce koci ya hana ni. Ta ce koci bai haife ni ba. Na san ba zanen ne ya dame ta ba. Na hau babur ɗin Baba da rana tsaka, na bi ta hanyoyin da ruwa ya farfasa, tsakanin sababbin gidajen da rabinsu ba a gama ba.

Na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana wanke safa. Gwaggo ta karɓi zane, ta yaba ɗinkin, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Muka gaisa. Na tambayi makaranta, ta tambayi gwiwata. Na zauna a kan benci ina jujjuya makullin babur. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, da na zo sai na ga ba ɗaya da zan iya faɗa. In na ce ta dage, na roƙi 'yar wata ƙungiya ta yi mana aiki. In na ce kada ta damu da mu, ƙarya na yi, kuma ta san ni.

Ita ce ta fara. Ta ce tun Lahadi abokan wasanta suka daina hira in ta shigo. Wata ta tambaye ta a gaban kowa nawa Kaladan suka biya ta. Matan kasuwa kuma sun aiko wa gwaggo da saƙo, cikin raha wai, cewa suna kallon ƙafar 'yarta.

"Yaya," ta ce, ba ta ɗago daga bokitin ba, "in na ci, za su ce don ke na ci. In na ɓarar, ku za ku ce haushinki nake ji. Ki gaya mini wacce zan yi."

Na ce ban zo don wannan ba.

"Na sani. Zane kika kawo."

Na taya ta shanya safar. Da zan tafi ta raka ni bakin ƙofa, ta ce za su zo wasan, kocinsu ya ce ba zai biya tara ba. Ban ce na gode ba, don ko wannan ina tsoron yadda zai fito.

Ranar wasan filin ya cika fiye da kowane wasa na kakar, amma cikar ta ban mamaki ce. Mutanen Kaladan sun mamaye gefe ɗaya suna yi wa Vittin kirari, ƙungiyar da watanni biyu baya suka yi wa ihu. Matan kasuwa sun cika ɗaya gefen da ganguna, suna goyon bayan 'yan makarantar da ba su ko san sunayensu ba. Mutanen Vittin 'yan kaɗan ne, suna tsaye a bayan raga, hannu a ƙirji. Mu 'yan wasa koci ya zaunar da mu a kan wata doguwar katanga, ya ce ba ihu, ba kiran sunan kowa.

Da aka jero 'yan wasa, ƙanwata ba ta ciki. Tana benci da riga a kafaɗa. Daga baya na ji kocinsu ya ce ya yi haka ne don ya cire ta daga bakin mutane. Amma a ranar mutanenmu suka ɗauka da gangan ne, suka fara zaginsa.

'Yan Vittin ba su yi wasan banza ba, ba zan ɗora musu wannan ba. Sun riƙe ƙwallo, sun kai hari. Sai dai akwai irin gudun da mutum ke yi in ransa yana kan abu, wanda ba a iya ara. Ƙwallon da za a bi har layi sai a bar ta ta fita. 'Yan makarantar kuwa, da ba a taɓa buga musu ganga ba, suka taru a gaban ragarsu suka zama bango. Aka je hutu ba ci. Aka dawo ba ci. Ina zaune a kan katangar nan, ƙafafuna suna motsi su kaɗai, ina ganin gurbin da ya kamata a sa ƙwallo, ba ni da bakin faɗa. Can ɗaya gefen ƙanwata ita ma tana zaune, ta dafe haɓa, ƙafarta tana rawa irin tawa.

Wasa ya kusa ƙarewa wata 'yar gaban Vittin ta gurɗe, ba wadda za ta maye ta sai ƙanwata. Kocinsu ya daɗe yana kallon bencinsa kafin ya yi mata alama. Tana shiga mutanen Kaladan suka kaure da kiran sunanta, abin da ya fi komai cutar da ita, don duk abokan wasanta sun juyo suna kallon ta.

Dama ɗaya ta samu. An ɗago ƙwallo daga dama, ta tare da ƙirji, ta juya ta bar mai tsaronta a baya, ta buga da hagu, ƙasa-ƙasa, tana neman kusurwa mai nisa. Mai tsaron ragar 'yan makaranta, wata doguwar yarinya, ta miƙe iya tsawonta ta taɓa da yatsu, ƙwallo ta goge ƙarfe ta fita. Ba a daɗe ba alƙali ya hura tashi. Gangunan kasuwa suka ɗauka.

Na taso ina kallon wannan ƙafar hagun tata tun muna buga ledar da aka ɗaure a tsakar gida. Na san yadda take bugawa in tana so ta ci, kuma haka ta buga. Amma ni kaɗai na sani. Kafin mu fita daga filin har na ji wani yana cewa ai da dama ta fi iyawa, me ya sa ta sa hagu. Wani ya ce ta ɗan jinkirta da gangan. A Vittin kuma, gwaggo ta gaya mana, cewa aka yi ba a taɓa ganin ta yi gudu irin na ranar ba, ai jini ya fi riga.

Muka ƙare na biyu, da ƙwallaye fiye da na kowa. 'Yan Kasuwa suka tafi yanki, suka kuma taka rawar gani, har aka ɗauki biyu daga cikinsu zuwa kudu. Koci ya raba mana lambobin yabo na na biyu a barandar makarantarsa, ya ce mu dawo atisaye bayan Sallah. Na miƙa masa kambun kyaftin a nan. A taron kwamiti na gaba an yi gardama ko a koma rarar ƙwallaye, masu son a bar dokar yadda take suka fi yawa, shi ma da su ya ɗaga hannu. Abin da aka canza shi ne wasannin ƙarshe, aka ce lokaci ɗaya za a riƙa buga su, ko da a filayen da ba katanga.

Ƙanwata ta daɗe ba ta taka Kaladan ba. Mma ce ke hawa yalo-yalo ta je ganin ta. Sai da Sallah ta zo, Baba ya ce ba za a ci naman layya a gidansa da 'ya ɗaya a waje ba, ya tura ni in ɗauko ta. Muna shigowa unguwa, ɗaya daga cikin samarin da ke zaune wurin mai shayi ya ɗaga murya ya ce ga mai hagu nan. Na ji hannunta ya matse rigata ta baya. Na taka birki na tsaya a gabansu, na ce wanda ya yi maganar ya maimaita. Ba wanda ya maimaita. Mai shayin ya ce mana barka da Sallah, muka amsa, na ja babur.

A gida ta zauna kusa da Mma tana yanka albasa, ba wanda ya ambaci ƙwallo har aka ci aka sha. Da la'asar, muna wanke tukwane mu biyu, ta ce mini kocin Vittin ya ce ta dawo kaka mai zuwa, kocinmu ma ya aiko mata, ya ce zai ba ta tsakiyar gaba. Ta ce duk inda ta je cikin biyun, wasan nan za a riƙa tuna mata. Na tambaye ta wanne za ta zaɓa. Ta ce tana da jarrabawar ƙarshe a gabanta, sai ta gama tukuna. Ta miƙo mini tukunya, na ɗauraye na kife.